Yadda ake taƙaita dogon bayanin kaya ba tare da an yaudari mai saye ba

Duk lokacin da zafin Maris da Afrilu ya kankama a Kano, tallan fanka mai caji kan cika WhatsApp da Facebook da Jiji. Sai dai masu sayarwa da dama suna kwafo bayanin da kamfanin China ya rubuta ne a Alibaba, su liƙa shi yadda yake. Mai saye da ke duba waya kan gaji kafin ya kai ga abin da yake nema, musamman da yake WhatsApp na yanke dogon saƙo ya ɓoye sauran a ƙarƙashin "Read more".

Matsalar ita ce kamfani ba don mai sayen fanka ɗaya ya yi rubutun ba. Dila yake yi wa magana, mai sarin kwantena.

Abin da za a fara cirewa

Kashi na farko shi ne bayanan sari. Akwai MOQ, wato mafi ƙarancin adadin da kamfani ke sayarwa, da FOB, wato farashin kaya zuwa lokacin da aka loda su a jirgin ruwa. Akwai kuma girman katon da yawan fankar da kwantena ke ɗauka. Matar da ke neman fanka don ɗakin 'ya'yanta ba ta da aiki da ko ɗaya daga cikinsu.

Kashi na biyu shi ne kirari: inganci na musamman, fasahar zamani, shekarun da masana'anta ta yi tana aiki. Gwajin mai sauƙi ne. Idan za a iya ɗora jimla a kan kowace fanka ta kasuwar Sabon Gari ta zauna daidai, to ba ta taimaka wa mai zaɓe ba.

Abin da ya rage shi ne amsar tambayoyin da kwastoma ke yi kafin ya biya: girmanta nawa, awa nawa take yi idan an ɗauke wuta, wane irin batir ne, me ke cikin kwali, kuma wa zai karɓe ta idan ta lalace.

Inda ake yin ɓarna

A ɗauki misalin fanka mai inci 16 da kamfani ya rubuta cewa tana kaiwa awa 10 a ƙaramin gudu. Wajen taƙaitawa, sai mai sayarwa ya bar "awa 10" kawai. Kalmomin da ya zubar su ne suka fi komai muhimmanci.

Ana iya gane haka daga lambobin da ke jikin bayanin. Idan batirin 12V 4.5Ah ne, a ninka 12 da 4.5, a samu 54. Idan fankar na jan wat 15 a babban gudu, a raba 54 da 15, abin da ya ba da awa 3.6. A zahiri ma ba za ta kai hakan ba, domin batirin dalma ba ya ba da duk cajin da ke cikinsa. Awa 10 ɗin tana samuwa ne idan tana jan kusan wat 5, a gudun da iskarsa ba ta da ƙarfi a daren Afrilu.

Haka garanti. Shekara guda da kamfani ya rubuta alkawari ne tsakaninsa da wanda ya shigo da kayan. Mai shago ya rubuta abin da shi kansa zai iya cikawa, ko da wata ɗaya ne. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 a Najeriya ta haramta bayanin kaya da ke ɓatar da mai saye.

Yadda bayanin zai koma

Bayan tankaɗe da rairaya, shafi guda zai iya komawa haka:

"Fanka mai caji, inci 16, ta tsaye. Tana yin kusan awa 3 a babban gudu, har zuwa awa 10 a ƙarami. Batirin dalma ne, 12V 4.5Ah, ana iya sauya shi. A kwali akwai caja, amma babu farantin sola. Garantin wata ɗaya daga shagonmu."

Sai farashi da wurin karɓa su biyo baya. An ambaci rashin farantin sola ne da gangan, domin hotunan kamfani kan nuna fankar tare da shi, mai saye ya ɗauka yana ciki.

Saƙonnin kwastomomi ne ke nuna ko taƙaitawar ta yi daidai. Idan mutum uku suka yi tambaya iri ɗaya, an yanke abin da bai kamata ba, sai a mayar da shi. Idan kuma aka fara dawo da kaya ana cewa ba haka aka rubuta ba, to a sake duba kowace lamba, a ga ko an raba ta da sharaɗinta.