Malam, a ɗaga mini darasin Alhamis

Ƙanena yana karatu a wata jami'a a Kano, kuma yana ɗaukar darasin nahawu ta intanet a wurin wani malami Bahaushe da ke zaune a Alƙahira, Talata da Alhamis, ƙarfe biyar na yamma. Wata Litinin cikin watan Mayu aka sanar da su a aji cewa an mayar da gwajinsu ranar Alhamis, daga huɗu zuwa shida. Gwajin jami'a ba ya jiran kowa, saboda haka darasin ne zai matsa. Ya ɗauki waya ya rubuta wa malamin: «Assalamu alaikum Malam.» Ya ajiye waya yana jiran a amsa sallama.

Sai da dare malamin ya amsa. Da safe yaron ya tambayi gida da iyali, aka ce lafiya lau. Can ranar Laraba da yamma ya iso ga maganar: «Malam, wani ɗan uzuri ya taso mini gobe, ko za a iya ɗagawa?» Kwana biyu sun tafi a gaisuwa. Da na ce masa ya yi jinkiri, sai ya ce ai rashin ladabi ne mutum ya faɗa wa malaminsa da buƙata tun ba a amsa masa sallama ba. A zaure gaskiyarsa ce. A waya kuwa, sallamar da buƙatar saƙo ɗaya ya kamata ya ɗauko su.

Dalilin yana wajen malamin. Malamin zaure, idan ɗalibi ɗaya bai zo ba, sauran na nan, karatu ya ci gaba. Malamin intanet kuwa awa ɗaya ya ware maka kai kaɗai, ya hana wa wani, wataƙila ma ya baro wata hidima don ya zauna gaban kwamfuta. Awar nan ita ce hajarsa. Idan ka mayar masa da ita tun ranar Litinin, zai iya ba wani ɗalibin. Idan ka mayar da ita saura minti ashirin, ta riga ta lalace a hannunsa. Shi ya sa manhajojin da ke haɗa ɗalibai da malamai suke sa wa'adi, wasu awa 24, wasu awa 12: wanda ya nemi ɗagawa bayan wa'adin ya wuce, sau da yawa kuɗin darasin ya tafi, sai fa in malamin ya ga dama ya yafe. Malamanmu da ake shiri da su kai tsaye ta WhatsApp ba kasafai suke faɗin irin wannan ƙa'ida ba, kunya ke hana su, amma asarar da suke yi ɗaya ce.

Ga yadda saƙon zai kasance da an rubuta shi tun ranar Litinin:

«Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam, da fatan an wuni lafiya. Yau aka sanar da mu a makaranta cewa za mu yi gwaji ranar Alhamis mai zuwa daga ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma, ya ci karo da darasinmu na ƙarfe 5. Ina roƙon a ɗaga mini shi. Ina da sarari ranar Juma'a ƙarfe 5 na yamma, ko Asabar ƙarfe 10 na safe, duka agogon Najeriya. Idan babu wanda ya yi wa Malam daidai, duk lokacin da Malam ya zaɓa bayan Alhamis zan yi ƙoƙari. Darasin Talata yana nan yadda yake. A yi haƙuri, na gode.»

Dalilin jimla ɗaya ce rak. «Wani uzuri» ba dalili ba ne, malami bai san ko gwaji ba ne ko kallon ƙwallo. Dogon labari kuma, da rantse-rantse da tarihin yadda lakcara ya saba yi musu haka, shi ke sa a fara zargi. In abin na sirri ne, a ce «zan kai mahaifiyata asibiti» ko «lalura ce ta gida» a tsaya nan. Sannan ɗalibin ne ya kawo lokuta biyu, don kada ya ɗora wa malami aikin nema, amma ya bar masa zaɓi, don kada roƙo ya koma umarni. Malamin zai iya amsawa da kalma ɗaya: «Asabar.»

Kalmomi biyun nan, «agogon Najeriya», su ƙanena ya bari a baya, kuma su suka ba shi kunya. Da malamin ya tambaye shi yaushe yake da sarari, ya ce Asabar ƙarfe goma na safe. Malam ya buɗe Zoom ƙarfe goma na Alƙahira, ya zauna yana jira. A Kano lokacin ƙarfe takwas ne, ɗalibi yana barcin bayan asuba. Najeriya da Nijar ba sa taɓa agogonsu duk shekara, amma Masar tun 2023 ta koma tura nata gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Tazarar da ke awa ɗaya a watan Janairu ta zama awa biyu a watan Mayu. Haka Ingila: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu ɗaya da namu, sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu kullum, Gana tana bayanmu da ɗaya.

Harshenmu ma yana da nasa tarkon. «Bayan la'asar» magana ce mai daɗi a unguwa, amma la'asar ɗin wa, ta Kano ko ta Alƙahira? «Daren Juma'a» a wurin Bahaushe da yawa daren Alhamis ne wayewar Juma'a, a wurin ɗan boko kuwa Juma'a da dare. «Gobe» da aka tura sha ɗaya na dare, malami ya karanta da safe, ta riga ta zama yau. A ambaci sunan rana da kwanan wata da awa, magana ta ƙare. Saboda wannan ne na fi son rubutu a kan saƙon murya: malamin da ke da ɗalibai goma sha biyar ba zai koma yana sauraron minti uku don ya tsinci ƙarfe nawa aka ce ba.

Akwai abin da ba ya ba da sanarwa. Rasuwa aka yi da hantsi, jana'iza bayan azahar. Nan layi biyu sun isa, a faɗi abin da ya faru, a ce za a tuntuɓa daga baya, kuma ba malamin kirki da zai riƙe wannan. Abin da ya kamata ɗalibi ya yi idan hankali ya kwanta shi ne ya taso da maganar kuɗin darasin da kansa, kada ya bar malami da nauyin tambaya. Ɗaukewar wuta da ƙarewar data kuwa ba cin karo ba ne, shiri ne ba a yi ba, kuma wanda ya ɗaga darasi sau uku a wata ɗaya, ainihin lokacin darasin ne bai dace da shi ba. Ya nemi a sauya shi gaba ɗaya.

Saura abu guda. Shuɗin alamar nan biyu ta WhatsApp tana nufin an buɗe saƙo, ba ta nufin an yarda. Muddin malam bai amsa ba, tsohon lokaci yana nan, kuma idan darasin a manhaja aka yi rajistarsa, sai an sauya shi a cikinta, domin hirar gefe ba ta motsa jadawalin. Idan ya amsa, ka maimaita masa abin da kuka tsayar a layi ɗaya: «To Malam, Asabar ƙarfe 10 na safe agogon Najeriya, 12 na rana a wurinku, in sha Allahu.» Da ƙanena ya tura wannan layin, da Malam bai yi zaman minti arba'in yana kallon allo ba kowa ba.