Takardar ma'ajin lakwal da biyan kuɗi ta salula: ina gaskiya, ina ji-ta-ji-ta?

Tun da ma'ajin wata makarantar kuɗi a Tasawa ya ba yara takarda su kai gida, yana sanar da uwaye cewa yanzu ana iya biyan kuɗin karatu ta salula, magana ta yi yawa. Wasu sun ce dabarar ɓarayi ce, wasu sun ce ƙarin kuɗi ne aka ɓoye. Ni ma ina da yara a lakwal, kuma abin ya dame ni, domin idan uba ya ruɗe, yaro ne ake kora daga aji. Bari mu tankaɗe maganganun ɗaya bayan ɗaya.

"Takardar ta bogi ce, kuma kuɗin salula iska ne"

Hanyar biyan ba ƙarya ba ce. Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash suna aiki a Nijar, kuma babban bankin BCEAO ya kafa ƙa'ida a 2015 cewa duk kuɗin da ke cikin asusun salula sai an ajiye daidai da su a banki. Abin ma ba sabo ba ne a karkara. A 2010, lokacin ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern Worldwide ta riƙa aika wa mata tallafi ta asusun salula na Zap a ƙauyukan jihar Tawa, yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba, kuma sun karɓi kuɗinsu.

Amma akwai gaskiya a cikin tsoron. Takarda ba ta da wuyar kwaikwayo: mugu zai iya ɗaukar hotonta, ya canza lamba, ya watsa. Saboda haka kada ka dogara da hoton da aka turo maka, ko da hatimi da sa hannu a kai. Ka taka zuwa makaranta sau ɗaya, ko ka aiki wanda ka amince da shi, a kwafo lambar daga ofishin ma'aji. Sannan a lokacin biya, idan suna ya fito a fuskar salula ko a saƙon tabbaci, ka duba ko shi ne wanda takardar ta ambata. Idan takarda ta ce sunan makaranta, kai kuma ka ga sunan wani mutum, ka dakata.

"Sai mai babbar salula, kuma da katin kira ake biya"

Duka biyu ba haka ba ne. Asusun kamfanonin waya yana aiki da ƙaramar salula mai maɓallai, ba ya bukatar intanet, layi kawai yake so. Manhajoji irin su MyNita da AmanaTa su ne ke bukatar babbar salula. Katin kira kuwa daban, asusun kuɗi daban. Wanda ya sayi katin jika biyar ya zuba a layinsa, kira ya saya, bai biya wa ɗansa komai ba. Kuɗin lakwal sai ka kai tsabarsu wurin wakilin kamfani, ya zuba a asusunka, saƙo ya shigo yana nuna adadin, daga nan ka tura.

"Ana zaftare kuɗin a hanya"

Nan akwai gaskiya, akwai kuma kuskuren lissafi. Gaskiyar ita ce kamfanoni suna karɓar ladan aika ko na cirewa, kuma ladan yana bin yawan kuɗin. Takarda mai kyau ya kamata ta faɗi wanda zai ɗauke shi, uba ko makaranta. Idan ba ta faɗa ba, ka tambaya kafin ka tura.

Kuskuren kuwa daga bakinmu yake. Mu da dala muke ƙirga, salula kuma da sefa take ƙirga. Mu ɗauka kuɗin shekara jika 45 ne, ana biya kashi uku, kowane kashi jika 15. A salula za a rubuta 15000. A kasuwa kuwa wannan kuɗin dala dubu uku ne. Sai uba ya ce wa ƙanensa: "Tura musu dubu uku." Yaro ya danna 3000. Abin da ya isa makaranta jika uku ne kawai, kashi ɗaya cikin biyar. Ma'aji ya ce saura jika 12, uba ya ce an cuce shi, alhali ragowar na nan kwance a asusunsa. Maganin ba wuya: adadin da ke rubuce a takarda shi za a danna, lamba bayan lamba, kada a fassara shi da baki.

"Da saƙo ya shigo, magana ta ƙare"

Wannan ita ce ji-ta-ji-tar da ta fi kama da gaskiya, kuma ta fi cutarwa. Saƙon tabbaci yana nuna cewa kuɗi sun bar wannan lamba sun shiga waccan. Ba lalle ne ya faɗi wane yaro aka biya wa ba.

Mu ɗauki wani misali. Uba yana ci-rani a Agadas, yarinyarsa tana aji a Tasawa, uwarta tana wani ƙauye wajen Kanambakashe. Ya ba wani mai shago jika 15, mai shago ya tura daga layinsa. Abin da ma'aji ya gani shi ne baƙuwar lamba da 15000. A makon nan uwaye ashirin sun turo daidai wannan adadi, kuma a ajin akwai 'yan mata uku masu suna ɗaya. Kuɗi sun iso, amma a littafin ma'aji ana bin yarinyar bashi.

Abin da ke haɗa kuɗin da yarinyar shi ne lambar shaidar biya, wato jerin haruffa da lambobin da ke cikin saƙon, wanda ba ya maimaituwa. Uba ya sa mai shago ya turo masa saƙon, ya rubuta wannan lamba a takarda tare da rana da adadi, ya aika wa ma'aji ita haɗe da cikakken sunan yarinya da ajinta. Ma'aji ya laluba a nasa ɓangaren, ya dace, ya yanka rasit mai hatimi. Wannan rasit shi ne ƙarshen magana. Kafin ya zo hannu, kada a goge saƙon.

"Ma'aji zai kira ya nemi lambar sirri don ya tabbatar"

Ƙarya ce tsagwaronta. Karɓar kuɗi ba ta bukatar lambar sirrin mai aikawa. Ita mabuɗin rumbunka ce. Duk wanda ya kira ya neme ta, ko ya ce an turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar, ka kashe waya ka duba ragowar asusunka da kanka. Idan kuwa kai ne ka tura wa lambar da ba ita ba, ka kira ofishin kamfanin nan take da lambar shaidar biya. Damar dawo da kuɗi tana nan muddin ba a cire su ba; da an cire, abin ya yi wuya.

Roƙona ga ma'ajin makarantunmu

Takardar sanarwar makaranta ɗaya ce, ba doka ce a kan kowa ba. Ina roƙon ma'ajin makarantunmu su rubuta irinta da Hausa tare da Faransanci, su manna lambar a bangon ofis, su faɗi adadi da sefa da kuma jika, su bar ƙofa a buɗe ga tsohuwar da za ta zo da kuɗinta a ƙulle a bakin zane. Da biya ta salula, uban da ke Urafan ko Korgom ya huta da kuɗin mota da asarar yinin gona. Abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar da lamba kafin ya tura, ya kuma bi sawun kuɗinsa har rasit mai sunan ɗansa ya shigo gida.