Yadda Ake Tabbatar da Cewa Dokar Kayan Noma Tana Nan Tana Aiki

Gabatarwa

Manoman citta na Kwoi, Kafanchan da Kachia suna kashe kuɗi masu yawa kan takin zamani da maganin ciyawa kafin shukar watan Afrilu da Mayu. Akwai dokokin da ke kula da waɗannan kaya, amma doka takan canza. Akan yi mata gyara, ko a soke ta a kafa wata, alhali tsohon kwafinta yana nan a ofis ana aiki da shi. Wannan bayani zai nuna wa malaman gona da manoma yadda ake bincikawa, ta hanyar misali da dokar taki.

Misali: dokar takin zamani

A ɗauka wata ƙungiyar manoman citta a Kwoi tana son buɗe shagon sayar da taki. Malamin gona ya duba Kundin Dokokin Tarayya na 2004, ya sami Dokar Kula da Taki ta 1992 a babi na F25. Kafin ya ba da shawara, sai ya bi waɗannan matakai:

1. Ya rubuta cikakken sunan dokar da shekararta da lambar babinta. Ya kuma lura cewa kundin ya tattara dokokin da ke aiki ne zuwa ƙarshen 2002. Don haka samun doka a cikinsa ba shaida ba ce cewa tana aiki a yau.

2. Ya nemi sabuwar doka a kan wannan batu. A nan zai tarar da Dokar Kula da Ingancin Taki ta Ƙasa ta 2019, wadda ake samu a intanet idan aka rubuta "National Fertilizer Quality (Control) Act 2019".

3. Ya karanta dogon taken da ke farkon sabuwar dokar, da sassanta na ƙarshe, domin a nan ake faɗin dokokin da aka soke. Kalmar da zai nema ita ce "repeal", wato sokewa. Dokar 2019 ta soke ta 1992 gaba ɗaya. Da gyara kawai aka yi, da sai a karanta tsohuwar da sabuwar tare.

4. Ya tabbatar cewa abin da ke hannunsa doka ce, ba ƙudiri ba. Ƙudirin da ke gaban Majalisa bai soke komai ba, ko da jaridu sun yi ta maganarsa. Kwafin da aka buga a Gazet ɗin Gwamnatin Tarayya shi ne abin dogaro, domin yana ɗauke da ranar fara aiki.

Sakamakon binciken shi ne, ƙungiyar tana bukatar izinin sayar da taki a ƙarƙashin dokar 2019, daga Sashen Kula da Kayan Aikin Gona na Ma'aikatar Gona ta Tarayya. Dokar ta kuma hana sayar da gurɓataccen taki, ko buhun da bai cika awo ba. Da an dogara ga tsohon kundin, da ƙungiyar ta zuba jarinta a shagon da ba shi da izini.

Inda wannan hanya ba ta wadatar ba

Wani lokaci doka tana nan daram, amma abin da ke ƙarƙashinta ya canza ta hanyar sanarwar hukuma. Maganin ciyawa na farakwat misali ne. Tsofaffin littattafan noma sun ba da shawarar amfani da shi, amma Hukumar NAFDAC ta sanya 1 ga Janairu, 2024 a matsayin ranar haramta shi. Wanda ya duba dokar da ta kafa hukumar kaɗai ba zai ga wannan ba, sai ya duba sanarwarta ta baya-bayan nan. Ganin magani a kasuwa ba ya nufin an halatta shi. Haka kuma a duba sunan sinadarin da ke jikin kwalba, domin sinadari ɗaya yakan zo da sunayen kasuwa iri-iri.

Kammalawa

Idan shakka ta rage, malamin gona ya rubuta wa hukumar da abin ya shafa, ya nemi amsa a rubuce. Manomi kuwa ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko ofishin shiyya na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Kaduna da ke Samarun Kataf. A rubuta ranar da aka yi binciken a bangon kwafin dokar, a kuma maimaita shi kowace shekara kafin a fara sayen kayan damina.