Babban Banki da Karayar Tattalin Arziki: Amsar Misali Daga Kwarin Komadugu

Tambayar da ake yawan yi wa ɗaliban tattalin arziki ita ce: idan kasuwa ta faɗi warwas, shin babban banki zai iya tashe ta da matakan kuɗi? Amsar da ke tafe misali ce ta yadda ake ɗaukar matsayi guda a kare shi da hujja. Matsayin kuwa shi ne: a lokacin karaya mai tsanani, babban banki yana da ƙarfin hana bankuna durƙushewa da hana kuɗi ƙafewa a hannun jama'a, amma ƙarfinsa na sa mutane su koma noma da saye da sayarwa kaɗan ne, kuma yana ƙara raguwa gwargwadon nisan mutum da ƙofar banki. Jihar Diffa, a ƙarshen gabashin Nijar, wuri ne da ake ganin wannan ƙuru-ƙuru.

Yadda ake sa ran matakin zai yi aiki ba shi da wuyar ganewa. Babban banki yana rage kuɗin ruwan da yake karɓa daga bankunan kasuwanci, su kuma su sauƙaƙa wa masu neman bashi, ɗan kasuwa ya ci bashi ya ƙaro kaya, manomi ya faɗaɗa gona, a ɗauki ma'aikata, ma'aikata su shiga kasuwa da albashinsu. Kowane mataki a nan yana jingine da sharaɗi. Dole banki ya yarda ya bayar, dole mai karɓa ya ga ribar da zai biya da ita, dole kuma ya kasance tsadar bashin ce ta hana shi motsi tun farko. A ƙaramar komaɗa waɗannan sharuɗɗa sukan cika. A babbar karaya sukan warware tare, kuma wannan ne John Maynard Keynes ya nuna a littafinsa na 1936: idan tsoro ya kama mutane, sai su riƙe kuɗi su ƙi saki, komai arhar bashi.

Kafin 2015, arzikin kwarin Komadugu Yobe yana tsaye ne kan tattasai, wanda ake yi wa kirari da jan zinariya, da kuma bandar kifi daga tafkin Cadi. Manoma a gefen kogin, daga wajen Maine-Soroa har zuwa Bosso, suna dasa tattasai, su shayar da shi da injin ban ruwa, su shanya shi ya bushe, a ɗura a buhuna, akasarinsa ya ƙetara zuwa kasuwannin Najeriya ta Damasak da Maiduguri. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, bayan 'yan kwanaki gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur, wanda shi ne abincin 'yan kabu-kabu kuma shi ke kai manomi gona. Aka hana cinikin tattasai da na kifi bisa zargin cewa mayaƙan na cin kuɗinsa, aka taƙaita sayen mai da takin yuriya, aka rufe wasu kasuwanni, sannan a watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafkin. Dubban iyalai suka dawo zaman bukkoki a bakin babbar hanya mai lamba 1. Ko ma'aunin wane littafi aka ɗauko, wannan karaya ce mai zurfi.

To, me rage kuɗin ruwa zai yi wa manomin tattasai a irin wannan hali? Bari a yi lissafi da adadin misali. A ce manomi ya ci bashin sefa 500,000 na wata shida don mai da taki da kuɗin ƙwadago. A watan Yunin 2020, lokacin annobar korona, babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, BCEAO, ya rage kuɗin ruwansa daga kashi 2.5 zuwa kashi 2 cikin 100. Ko da bankin manomin ya miƙa masa wannan rangwame cif ba tare da ya rage komai ba, abin da zai samu a wata shidan sefa 1,250 ne, jika ɗaya da 'yan canji. A ɗaya hannun kuma, idan aka hana shi taki, ko aka tare motar da ke ɗauke da buhunansa, ko gonar ta faɗa yankin da ba a shiga, dukan jarin ne ya tafi. Babu mai hankalin da zai ci bashi don rangwamen jika ɗaya alhali yana fargabar asarar jika ɗari biyar, kuma babu manajan bankin da zai ba shi. Lamarin kamar injin ban ruwa ne da tiyonsa ya yanke a tsakiya: ƙara masa wuta ba ya kai ruwa fangali.

Ko wannan lissafin ma an yi wa matakin sassauci, domin ya ɗauka manomin na hulɗa da banki. Mafi yawan masu noma a kwarin ba daga banki suke samun jari ba. Daga 'yan kasuwa da dillalai suke karɓar mai da taki ko tsabar kuɗi, su biya da buhuna idan an yi girbi, wasu kuma suna gudun bashin banki saboda riba. Tsadar irin wannan bashi ba a Dakar, inda hedikwatar BCEAO take, ake yanka ta ba. Tana hawa da sauka ne da farashin buhu da kuma yadda dillali ya ga hanyar Maiduguri. Ga kuma wani abin da ɗalibi mai lura zai kawo: a Diffa naira tana yawo a kasuwa kafaɗa da kafaɗa da sefa, kuma da ita ake yawan cinikin tattasai da kifi. A watan Yunin 2016 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dala ta tashi daga kusan naira 197 zuwa kusan 280 a farashin hukuma, wato naira ta zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na darajarta. Wanda ya ajiye cinikin shekararsa da naira, alhali wasu buƙatunsa da sefa zai biya, ya ji wannan a jikinsa fiye da duk wani abin da BCEAO ya taɓa yi. Matakin kuɗi ya isa Diffa da ƙarfi, sai dai daga Abuja ya zo, kuma ba don Diffa aka yanke shi ba.

Mai adawa zai ce an zaɓi misalin da bai dace ba, tunda abin da ya sami Diffa yaƙi ne, ba ƙarancin masu saye ba. Akwai gaskiya a nan, kuma amsa mai kyau ba ta ɓoye ta. Tattalin arzikin Nijar gaba ɗaya ya ci gaba da haɓaka a waɗannan shekaru, jiha ɗaya ce ta faɗi, kuma bankin da ke yanka kuɗin ruwa guda ga ƙasashe takwas ba zai karkata shi saboda jiha ɗaya ba. Amma ƙorafin bai rushe hujjar ba, domin a ƙasashe matalauta manyan karayu galibi irin wannan asali gare su: fari, ambaliya irin wadda Komadugu ya yi a 2019, rikici, ko rufe iyaka kamar yadda Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A duk waɗannan, kayan ne ba a samarwa ko ba sa isa kasuwa. Zuba kuɗi a kan kaya kaɗan farashi yake ɗagawa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Milton Friedman da Anna Schwartz, a littafinsu na 1963, sun nuna cewa tsakanin 1929 da 1933 yawan kuɗi a Amurka ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, dubban bankuna suka rufe, babban bankin ƙasar yana kallo. A ganinsu matakin kuɗi bai gaza ba, ƙin amfani da shi aka yi. Darasin ya shiga, shi ya sa a Disamban 2008 babban bankin Amurka ya kai kuɗin ruwa kusan sifili, ya kuma shiga sayen takardun bashi da yawa, kuma abin da ya faru a 1930 bai maimaitu ba. Nijar ma ta ga gaskiyar wannan ta bayan gida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS da na ƙungiyar ƙasashen sefa ya tsinke hulɗar gwamnati da BCEAO, tsabar kuɗi ta yi wuya, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai iya cira, aka yi ta dogayen layuka, har aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Ma'aikacin Diffa da bai iya cire albashinsa ba, bai sayi kifi ba, bai biya mai shago ba. Don haka babban banki ba abin rainawa ba ne. Amma a duba me waɗannan hujjoji suka tabbatar: rashinsa yana jefa mutane rami. Ba su tabbatar da cewa ƙarin kuɗinsa yana fito da su ba. Amurka ta farfaɗo a hankali bayan 2008 duk da arhar bashi, kuma sai da gwamnati ta haɗa da kashe kuɗi daga baitulmali. Japan ta kai kuɗin ruwa sifili tun 1999, ta yi shekaru tana jan ƙafa.

Saura masu cewa matsalar sefa ce, wadda aka ɗaure da yuro a kan 655.957, kuma da Nijar na da kuɗinta da ta karya darajarsu ta samu sauƙi, kamar yadda Birtaniya ta samu bayan ta bar ma'aunin zinariya a 1931. Ɗaurin yana rage wa BCEAO sarari, wannan haka yake. Sai dai maƙwabciya ta gwada ɗaya hanyar a gaban idon kowa. Najeriya na da kuɗinta da bankinta, amma da ta shiga karaya a 2016 bayan faɗuwar farashin mai, bankin bai rage kuɗin ruwa ba, ƙara shi ya yi zuwa kashi 14 cikin 100 a watan Yuli, domin naira na zubewa, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 18 kafin shekarar ta ƙare. Ƙasar da ke shigo da mai da taki da magani daga waje, idan kuɗinta suka karye, tsadar tana cin talaka kafin ribar fitar da kaya ta iso.

Abin da ya sake motsa kasuwar Diffa, gwargwadon motsin da ta yi, daga ofishin gwamnati ya fito. A 2017 aka ɗage haramcin cinikin tattasai, a 2019 aka sake halatta kamun kifi da sayar da shi, a 2021 kuma hukumomi suka fara mayar da 'yan gudun hijira garuruwansu, ciki har da Baroua. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa abin da manomi da masunci da dillali suke lissafawa kafin su saka jari: ko za a bar su su isa gona da ruwa, ko kaya za su wuce shingen bincike, ko akwai mai saye a ƙarshen hanya. Sai an amsa waɗannan tambayoyi ne dillali zai sake ba da taki bashi, kuma sai a lokacin ne rabin kashi cikin 100 na kuɗin ruwa zai fara shiga lissafin wani a kwarin Komadugu.