Ka danna? Faɗa yanzu, kada ka bari gari ya waye

Jama'ar Goron Dutse, ku saurara. Mai shago a kan titin Aminu Kano, malamin Islamiyya, mai POS a bakin masallaci, uwar adashi a cikin gida, da ku duka nake. Saƙon 'yan damfara ya riga ya shigo wayoyinku. Yau a ce tallafin gwamnati ne, gobe a ce banki zai rufe asusunka saboda BVN, jibi a ce an buɗe ɗaukar ma'aikata. A ƙasa kuma ga shuɗin rubutu, linki, an ce ka danna. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, kalmar "tallafi" ta zama tarkon da ya fi kama mutane.

An sha gaya muku kada ku danna. Yau da wanda ya riga ya danna nake magana. Ka danna? Ka rubuta lambar katinka? Ka karanta wa wani lambobin da suka shigo maka ta tes? To, wa ka gaya wa? Yaushe? In amsarka ita ce "ba kowa", kana cikin haɗari a wannan mintin, kuma ba kai kaɗai ba.

Na san abin da ke rufe bakin mutane. Kunya ce. Dattijo ba ya so 'ya'yansa su ce an yi masa wayo. Yaron shago yana tsoron maigida. Matar aure tana tsoron faɗan miji. Sai a ce bari a ga abin da Allah zai yi zuwa safiya. Ɓarawon kuwa ba ya jiran safiya. Kuɗi a tsarin bankunanmu yana tashi daga wannan asusu zuwa wancan cikin daƙiƙoƙi, dare da rana, har ranar Lahadi. Da ya sauka sai a rarraba shi zuwa wasu asusun, a cire a wurin masu POS. In kuɗin ya bar asusun farko da ya sauka, kamo shi ya zama jan aiki.

Bari mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki. A ce ma'ajin wata Islamiyya ne a unguwar nan. Bayan sallar isha'i, ƙarfe 8:40, saƙo ya shigo zauren WhatsApp na malamai daga lambar wani malami da ya sani: ana raba tallafi ga makarantu, a cike kafin sha biyun dare. Ya danna. Shafin ya nemi suna, lambar waya, BVN, lambar katin ATM, ranar ƙarewarsa, da lambobi uku na bayan katin. Ya cike. Ƙarfe 8:52 wani ya kira shi da ladabi, har da "Allah ya gafarta Malam", ya ce a karanto lambobin da aka turo don a tabbatar da rajista. Tes biyu ne suka shigo, ya karanta duka. Na farko OTP ne na banki. Na biyu lambobi shida ne na WhatsApp. Ƙarfe 9:05 alat ya shigo, an cire naira 85,000. Ƙarfe 9:10 WhatsApp ɗinsa ya fita da kansa, yana cewa an yi rajistar lambar a wata waya.

Ku dubi inda yake yanzu. A asusun akwai sauran naira 300,000, kuɗin albashin malamai. Ɓarawon yana riƙe da lambar ma'aji, yana cikin zauren iyayen yara, yana cikin zauren dangi. In Malam ya kwanta da abin a ransa, kafin asuba iyaye sun samu saƙo da sunansa da hotonsa: "An canja asusun makaranta, a tura kuɗin wata a nan." Wa zai yi shakka? Malam ne fa. Shi kansa ta haka aka kama shi, domin malamin da ya turo linkin an ƙwace masa lamba tun jiya, bai gaya wa kowa ba.

To me ya kamata ya yi ƙarfe 9:10?

Ya fara da rufe asusun, kafin komai. Kada ya tsaya kiran lambar da ta kira shi yana roƙo ko zagi. Bankuna da yawa suna da lambar gaggawa da ake dannawa ko da a wayar wani, ba sai da data ba. Ga na wasu:

```
Access   *901*911#
Zenith   *966*911#
GTBank   *737*51*74#
```

Kai mai karatu, ka san ta bankinka? In ba ka sani ba, ka tambaya a reshe gobe, ka rubuta a takarda, ka ajiye a gida. Bayan rufewa sai a kira bankin ta lambar da ke bayan katin. Kada ka nemi lambar banki a Facebook, can ma 'yan damfara sun shimfiɗa tabarma suna jiran wanda ya ruɗe. Ka ce musu damfara ce, a rufe kati, a rufe manhajar banki, a tuntuɓi inda kuɗin ya sauka a riƙe shi. Ka karɓi lambar ƙorafi, ka rubuta ta. Ƙorafin da ba shi da lamba, gobe za a iya ce maka ba a san da shi ba.

Sai WhatsApp. Ya buɗe manhajar, ya sake sa lambarsa, ya jira sababbin lambobi shida. Da ya shigar da su, an fitar da ɓarawon. In manhajar ta nemi wata lambar sirri da bai taɓa sawa ba, ɓarawon ne ya kafa ta, kuma sai an jira kwana 7 kafin a shiga ba tare da ita ba, amma duk da haka an riga an kori ɓarawon. Wani lokaci lambobin ba sa zuwa nan take, sai an jira sa'o'i, don haka kada a dogara da wannan kaɗai. In an shiga, a duba `Linked devices`, a cire duk na'urar da ba a sani ba, a kunna `Two-step verification`. In an taɓa sa ka danna wasu lambobi masu tauraro a waya, ƙila an karkatar da kiranka zuwa wata lamba. Danna `##002#` ka soke.

Yanzu ga abin da ya fi wuya, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ya ɗauki waya ya kira mutane da baki. Shugaban makaranta, mai kula da zauren iyaye, babban wansa. A cire lambarsa daga kowane zaure har sai ta dawo hannunsa. A sanar bayan sallar asuba in ta kama. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Kunyar minti biyar ta fi sauƙi a kan iyaye ashirin su zo ƙofar gidanka da rasit a hannu.

Kuma in za ka faɗa, faɗi yadda za a iya aiki da maganarka. "An cuce ni" ba rahoto ba ne. Abu uku ake bukata: lokaci, abin da aka taɓa, da abin da ka riga ka yi. Rahoton Malam zai zama kamar haka: "Na danna linki ƙarfe 8:40 na daren Talata. Na ba da lambobi ta waya ƙarfe 8:52. Na gane damfara ce ƙarfe 9:05 da alat ya shigo. Na ba da BVN, bayanan katin asusun makaranta, OTP, da lambobin WhatsApp. An cire naira 85,000 sau ɗaya. Na rufe asusun ƙarfe 9:15, na kira banki ƙarfe 9:20, ga lambar ƙorafi. WhatsApp bai dawo hannuna ba tukuna."

Me ya sa lokaci? Domin da shi banki zai ware cinikinka na gaskiya daga na ɓarawo. Da shi kuma mutanenka za su san cewa duk saƙon da ya fito daga lambarka bayan 9:10 ba kai ba ne. Kada ka rage komai don kare mutuncinka. In ka ce dannawa kawai ka yi, alhali ka ba da OTP, ka tura masu taimakonka su toshe ƙofar da ba ita ce a buɗe ba. Ka tambayi kanka sosai: kalmar sirrin da na rubuta a shafin, ita nake amfani da ita a imel? Ita ce ta Facebook? In haka ne, waɗannan ma an taɓa su, a canja su yau, a fara da imel, domin ta nan ake sake buɗe sauran. In linkin ya sauke maka wata manhaja, kashe data, kada ka sake buɗe manhajar banki a wayar, yi canje-canjen a wata waya mai tsabta. Irin waɗannan manhajoji suna iya karanta tes ɗin da ke shigowa.

Kada ka goge komai cikin fushi. Ɗauki hoton saƙon, da linkin, da lambar da ta kira, da alat. Da safe ka isa banki da katin shaida, ka rubuta ƙorafi, ka riƙe kwafi. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, domin sau da yawa ana neman takardarsu, wani lokaci har umarnin kotu, kafin a ci gaba da riƙe kuɗi a asusun wani. EFCC tana da ofishi a Kano, rundunar 'yan sanda kuma tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet. In banki ya yi mako biyu bai warware ƙorafinka ba, kana da damar kai shi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Ba zan yi maka alkawarin kuɗi zai dawo ba. Amma wanda ya kira cikin minti goma da wanda ya zo bayan kwana uku, damarsu ba ɗaya ba ce.

Masu makarantu, asibitoci da kamfanoni, ku ma agogo yana bin ku. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta ba da kwana 7 a kai rahoton kutse ga ngCERT, gyaran 2024 ya mayar da shi sa'o'i 72. Dokar kare bayanai ta 2023 ita ma ta ce in bayanan mutane da ke hannunku sun fita ta yadda za a iya cutar da su, a sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 da sanin abin. Ta yaya za ku cika wannan in ma'aikacinku yana tsoron buɗe baki? Alhaji, in yaronka ya zo jiki na rawa ya ce ya danna, kada ka fara da tsawa. Tambaye shi ƙarfe nawa, me ya rubuta, a wace waya. In ka kore shi a gaban sauran, na gaba da ya danna zai yi shiru, sai dai ka ji a alat.

Tara yaran shagonka ko malamanka yau. Faɗa musu lambar da za su kira ko da ƙarfe biyun dare ne. Rubuta lambar rufe asusun a jikin bango, kusa da inda ake cajin waya.