Raba kuɗi daidai ba shi ne raba kasada daidai ba

A Amurka akwai wani tsohon tsari da masu ajiyar kuɗin fansho suka daɗe suna bi: kashi 60 cikin ɗari a sayi hannun jarin kamfanoni, kashi 40 a sayi takardun lamunin gwamnati. A ido, rabo ne mai ma'ana. Amma a shekarar 2005 Edward Qian na kamfanin PanAgora da ke Boston ya nuna cewa wajen kashi 90 na kasadar irin wannan asusu daga hannun jari kaɗai take fitowa. Dalili kuwa shi ne farashin hannun jari ya ninka na takardun lamuni tangal-tangal kusan sau uku. Mai asusun yana zaton ya rarraba dukiyarsa, alhali abu guda ne ke juya ta. Tun kafin wannan, a 1996, kamfanin Bridgewater na Ray Dalio ya buɗe asusun All Weather bisa tunanin cewa kasada ya kamata a raba, kuɗi su biyo baya.

Kasada a bakin mutanen wannan sana'a tana da ma'auni: yawan yadda ribar abu ke kaucewa daga matsakaicinta a shekara. In an ce kasadar wata dabara kashi 20 ce, ana nufin wanda ya zuba dala 100 kada ya yi mamaki in shekara ta ƙare da ragi ko ƙarin dala 20 a kan abin da aka saba samu. Ma'auni na biyu shi ne dangantaka, wato yadda dabaru biyu ke hawa da sauka tare. Ana auna ta daga 1 zuwa -1. In ta kai 1, tare suke tafiya. In sifili ce, ba ruwan wannan da wancan. Manomin da ya shuka gero a tudu ya dasa shinkafa a fadama ya san wannan tun kafin Harry Markowitz ya rubuta lissafinsa a 1952: damunar da ta cuci ɗaya ba lalle ta cuci ɗayan ba.

Mu ƙaddara wani manajan asusu yana da dala 700,000 da dabaru uku. Ta farko bin farashi ce: a sayi abin da ke hawa, a sayar da abin da ke sauka, kasadarta kashi 20. Ta biyu sayen hannun jarin da ya yi araha tare da sayar da takwaransa da ya yi tsada, kasadarta kashi 10. Ta uku riƙe takardun lamunin gwamnati, kasadarta kashi 5. Alƙaluman na misali ne, kuma da farko za mu ɗauka babu dangantaka tsakaninsu.

In ya kasa kuɗin gida uku daidai, me zai faru? Kasadar dabarun tana kan 4 da 2 da 1. Sai dai wurin haɗa kasadar abubuwan da ba su da dangantaka, ana ninka kowane adadi da kansa ne kafin a tara, don haka sai su koma 16 da 4 da 1, jimilla 21. Ke nan dabarar farko ta ɗauki kashi 76 na kasadar asusun, ta biyu kashi 19, ta uku ko kashi 5 ba ta cika ba. Sunan dabaru uku ne, amma ta farkon ce ke yanke hukuncin yadda shekara za ta ƙare.

Gyaran ba shi da wuya: mai yawan tangal-tangal a rage mata kuɗi. Ya ba ta farko 100,000, ta biyu 200,000, ta uku 400,000. Yanzu kowacce tana iya girgiza asusun da dala 20,000 a shekara, babu wadda ta fi wata. Ga kuma inda amfanin yake. Da a ce tare suke faɗuwa, da kasadar asusun ta kai 60,000. Tun da kowacce hanyarta daban, asarar wannan takan haɗu da ribar waccan, sai jimillar ta tsaya wajen 35,000, kashi 5 ke nan na dukiyar.

A kasuwa ta gaske dangantaka ba ta zama sifili cif. A ce ta farko da ta biyu suna da dangantakar 0.6, ta uku kuma tana zaman kanta. Wancan rabo ya daina zama daidai, domin duk lokacin da ta farko ta faɗi, mai yiwuwa ta biyu ta bi ta. Kowacce cikinsu ta koma ɗaukar kashi 38 na kasadar, ta uku kashi 24. Kafin a daidaita sai an mayar da rabon wajen 87,000 da 174,000 da 439,000. Shi ya sa ba a duban dabara ita kaɗai; abin dubawa shi ne nawa take ƙara wa asusun gaba ɗaya. Da dabarun sun yi yawa, kwamfuta ce ke ta gwada rabo har gudummawar kowacce ta zo ɗaya, kuma akan sake lissafin lokaci lokaci, misali duk wata, saboda kasuwa ba ta zama wuri ɗaya.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne bai nemi kowa ya yi duba ba. Ba a tambayar wace dabara ce za ta fi riba baɗi, tambayar da ƙwararru ma kan sha ƙasa a kanta. Amma fa ya ɗauka a ɓoye cewa kowace dabara tana biyan ladan kasadarta daidai da 'yan uwanta. In aka shigo da maras amfani, ita ma za a ba ta kasonta cikakke.

Matsala ta gaba ta fi wannan girma. Asusun da fiye da rabinsa ke kwance a dabara mai sanyi ba ya kawo riba mai yawa, don haka manyan kamfanoni sukan ci bashi su ninka shi. Mai gudun kuɗin ruwa yana iya amfani da lissafin rabon ba tare da wannan ninki ba, sai dai ya haƙura da ƙaramar riba. Wanda ya ninka kuwa ya jingina komai a kan dangantakar da aka auna jiya. A misalinmu, in dangantakar duka ukun ta tashi daga sifili zuwa 0.5, kasadar takan tashi daga 35,000 zuwa 49,000 ba tare da an taɓa ko dala ɗaya ba. Haka ta faru a 2022. Hauhawar farashi ta sa babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 4. Ma'aunin S&P 500 ya faɗi da kusan kashi 19, takardun lamuni suka faɗi da wajen kashi 13, bayan kusan shekara ashirin da aka saba ganin suna tashi in hannun jari ya faɗi. Asusun daidaita kasada da dama sun sha kashi a wannan shekara.

Akwai kuma dabarar da sanyinta na yaudara ne, kamar sayar wa wasu inshorar faɗuwar kasuwa. Tana kawo 'yar riba kowane wata, ma'auni ya nuna ba ta da kasada, lissafi ya tura mata kaso mafi tsoka, sai rana ɗaya ta cinye ribar shekaru.

Ana iya gane waɗannan tarkuna tun da wuri. A ware watannin da kasuwa ta fi muni, irin na ƙarshen 2008 da Maris na 2020, a auna dangantakar dabarun a cikinsu kaɗai. Sannan a tambayi abin da ke ciyar da kowace dabara. In biyu daga ciki sun dogara ga sauƙin kuɗin ruwa, ko ga samun mai saye nan take, to a lissafa su a matsayin dabara ɗaya, a ba su kason kasada ɗaya su raba, ko da alƙaluman shekarun lafiya sun nuna babu abin da ya haɗa su.