Hoton dare da waya a unguwar Al-Oud

Bayan magariba, lungunan Al-Oud a Riyad sai hasken shaguna, hoton waya kuwa ya cika da tsaki-tsaki. Sanadin shi ne wayar kan ɗaga ISO da kanta, har 3200, don ta cike gurbin haske.

Shiga Pro a kyamara, ka tsayar da ISO a 400, saurin ɗauka 1/15. A wannan saurin hannu kan yi rawa, don haka jingina wayar da bango, ka sa jinkirin daƙiƙa 2. Wanda za a ɗauka ya fuskanci fitilar shago, kada ta kasance bayansa. Ni dai ba na zuƙowa da dare, don ƙaramin gilashin zuƙowa ba ya tara haske sosai.

Buɗe hoton ka duba inuwa: ɗige-ɗige na nufin ISO ya yi yawa, jirwaye kuma motsi ne, sai ka koma 1/30.